Yadda Ake Neman Hutun Kwana Ɗaya a Wurin Manaja Idan Lokaci Ya Ƙure

Wani ƙanena da ke zaune a Aboabo yana aikin kula da sito a wani kamfanin kayan gini da ke kusa da Adum, a nan Kumasi. Ranar wata Talata, wajen ƙarfe huɗu saura na yamma, aka kira shi daga Ejura aka shaida masa cewa ƙanen mahaifinsa ya rasu, kuma za a yi jana'iza washegari da ƙarfe goma na safe. A daidai wannan Larabar ce kamfanin yake jiran motar siminti, kuma makullin sito da littafin shigar kaya duk a hannunsa suke. Ya samu hutun ba tare da an ɓata masa suna ba, kuma matakan da ya bi su ne zan bi da mai karatu a kansu, domin na lura cewa yawancin waɗanda ake yi wa kallon marasa kula da aiki suna da uzuri na gaskiya, yadda suka gabatar da shi ne ya kayar da su.

Duk manajan da aka zo masa da irin wannan buƙata, tambayoyi biyu ne suke fara zuwa masa a rai, ko ya furta su ko bai furta ba. Ta farko ita ce yaushe ma'aikacin ya san da maganar, ta biyu kuma wa zai riƙe aikin gobe. Tazarar da ke tsakanin lokacin da ka sani da lokacin da ka faɗa, ita manaja yake aunawa idan yana son ya gane ko kai mai sakaci ne, kuma tana iya fin girman dalilinka nauyi a wurinsa. Wanda ya ji labari ƙarfe huɗu ya faɗa ƙarfe huɗu da kwata, an san abin ya zo masa ne bagatatan. Wanda ya ji ƙarfe huɗu amma ya bari sai bayan sallar asuba ya aika saƙo, ya cinye wa manaja awanni goma sha uku da zai iya amfani da su wajen gyara tsarin gobe.

Mataki na farko, tun kafin ka tashi daga kujerarka, shi ne ka san wane irin hutu kake nema, domin kalmar "hutu" kaɗai ba ta isa ba a ofis. Dokar ƙwadago ta Gana ta shekarar 2003, wadda aka fi sani da lamba 651, ta ba ma'aikaci hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15 tare da cikakken albashi, kuma ta ce kwanakin rashin lafiya da likita ya tabbatar ba a cire su daga cikin wannan hutu. Sai dai hutun shekara abu ne da ake tsara lokacinsa tun da wuri, har dokar ta tanadi a sanar da ma'aikaci ranar fara hutunsa kwana 30 kafin ya tafi, gwargwadon iko. Ma'anar wannan ita ce, kana da haƙƙin kwanakin, amma ba ka da ikon zaɓar gobe kai kaɗai ka ce dole ita za ka ɗauka. Hutun rasuwa da hutun uzuri na gaggawa kuwa, galibi a takardar ɗaukarka aiki suke, ko a littafin ƙa'idojin kamfani, ko a yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikata ta yi da kamfanin, idan akwai ƙungiya. Inda ba a rubuta komai ba, magana ta koma ga ganin damar manaja. Saboda haka kana shiga wurinsa ne a matsayin mai roƙo, kuma ya kamata muryarka ta nuna ka san da hakan.

Abin da za ka yanke a ranka shi ne daga ina za a cire wannan rana. Ko dai daga hutunka na shekara, ko a ƙirga ta hutun rasuwa idan kamfanin yana da shi, ko a yanke ta daga albashi, ko kuma ka rama ta da ranar hutunka ta mako. A ƙananan shaguna irin na Kejetia da garejin Suame, inda ba a ajiye lissafin hutu a rubuce, ramuwa ce ta fi tafiya, wato ka ce za ka zo ranar Asabar ko Lahadin da ba taka ba. Ƙanena ya san yana da sauran kwana shida a hutunsa na shekara, don haka ya shiga da maganarsa a shirye. Ma'aikacin da ya faɗi inda za a cire ranar da bakinsa ya rage wa manaja aiki, ya kuma nuna ba kyauta yake nema ba.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne kan gaba wajen muhimmanci. Ka ɗauki minti goma, kada ka wuce haka, ka rubuta a takarda abin da zai tsaya gobe idan ba ka nan. Duk aikinka ba ya cikin wannan lissafi, abin da ba zai iya jira zuwa jibi ba kaɗai ake nufi. A wurin ƙanena abubuwa uku ne: karɓar buhun siminti 600 da motar za ta kawo da hantsi, fitar da rodi ga wani ɗan kwangila da ya riga ya biya, da kuma buɗe sito da rufe shi. Ƙirgan kaya na ƙarshen wata da yake cikin yi zai iya jira, don haka bai sa shi a takardar ba.

Daga nan sai ka nemi wanda zai riƙe, ka kuma samu amincewarsa da bakinsa kafin ka ambaci sunansa a gaban manaja. Kuskure ne babba mutum ya ce "wane zai kula da komai" alhali bai yi magana da wanen ba, domin manaja zai iya ɗaga waya nan take ya tambaya, kuma idan aka ce ba a san da maganar ba, dalilinka na gaskiya ma ya shiga cikin zargi. Ƙanena ya je wurin mataimakinsa, ya nuna masa takardar odar simintin, ya gaya masa ya ƙirga buhunan a lokacin da ake sauke su, kada ya dogara da abin da direba ya rubuta, ya ware waɗanda suka fashe ko suka sha ruwa, kuma kada ya sa hannu a takardar karɓa sai adadin ya cika. Rodin ɗan kwangilar kuwa ya ware shi gefe a yammacin nan, ya ɗaura masa alama.

Akwai iyaka a nan da ya kamata a kiyaye. Shirya wanda zai riƙe aiki naka ne, amma miƙa makulli, ko kuɗin kamfani, ko lambar sirrin kwamfuta, wannan sai da izinin manaja. Idan ka ba abokin aikinka makullin sito a kan gaban kanka, wani abu ya ɓata a ranar, kai za a tambaya, kuma ba ka da ta cewa. Abin da ya dace shi ne ka kawo shawara, ka bar manaja ya yanke: a ba mataimaki makullin, ko a ajiye shi a ofishinsa a karɓa da safe.

Mataki na uku shi ne hanyar isar da maganar. Idan manaja yana cikin ginin, ka je da ƙafarka. Idan ba ya nan, ka kira shi a waya, sa'an nan ka bi kiran da gajeren saƙo a rubuce. Saƙon murya na WhatsApp, wanda mu mutanen zango muka saba da shi ƙwarai, bai dace da wannan ba, saboda manajan da ke cikin taro ba zai iya saurarensa ba, kuma bai kai rubutu sauƙin ajiyewa a matsayin shaida a ofishin kula da ma'aikata ba. Haka nan kada ka jefa maganar a dandalin ma'aikata inda kowa yake gani, domin ka tilasta masa ya amsa a gaban jama'a, kuma manajan da aka matsa wa a gaban jama'a ya fi saurin cewa a'a, don kada gobe kowa ya bi sahu. Aika ɗan saƙo ma, wato ka ce wa abokin aiki "ka gaya wa Alhaji ba zan samu zuwa ba", ya fi duk waɗannan muni. A gida muna ɗaukar aika wani a matsayin kunya da girmamawa, amma a wurin aiki ana fassara shi da cewa ka yanke hukunci da kanka, sanarwa kawai ka aiko. Kuma ka fara da wanda kake ƙarƙashinsa kai tsaye, ko da kuwa mai kamfanin ɗan unguwarku ne kuna sallah a masallaci ɗaya, domin tsallake shugabanka na kusa yana barin tabo da ya fi kwana ɗaya daɗewa.

Yanzu sai maganar kanta. Manajan ƙanena Bahaushe ne, dattijo, kuma ga abin da ya gaya masa bayan sallama da gaisuwa gajera:

"Alhaji, ranka ya daɗe, yanzun nan aka kira ni daga Ejura, ƙanen mahaifina ya rasu, jana'iza gobe ƙarfe goma na safe. Ina roƙon a ba ni gobe Laraba, kwana ɗaya, a cire daga hutuna na shekara. Na san motar siminti tana zuwa, na yi magana da mataimakina ya yarda zai karɓa, na nuna masa odar, rodin ɗan kwangila kuma na ware shi. Makullin sai yadda ka ce. Wayata tana kunne in ban da lokacin sallar gawa da maƙabarta, kuma in sha Allah jibi Alhamis ƙarfe bakwai da rabi ina nan."

A lura da yadda abubuwan suka jeru. Ya faɗi lokacin da ya ji labarin, ya faɗi ranar da yake nema da sunanta da adadinta, ya ambaci abin da ya san zai dami manajan kafin manajan ya ambata, sa'an nan ya rufe da ranar dawowa da ƙarfe nawa. Dalilin jimla ɗaya ce kawai. Ba a buƙatar tarihin jinyar mamaci, ko wanda ya kira wa, ko yadda hankalin gida ya tashi. Dogon bayani yana sa mai sauraro ya fara zaton ana ƙoƙarin rufe wani abu, kuma gajeren da ba shi da kai, irin "ina da 'yar matsala a gida", yana sa ya ji an raina masa hankali. Idan al'amarin sirri ne da ba ka son buɗewa, kana iya cewa uzuri ne na iyali da ba zai jira ba, kuma ba wanda zai iya tsaya maka, amma ka san wannan kati ne da ba a buga shi sau da yawa.

"In sha Allah" tana wurinta, ba wanda zai ce Musulmi ya bar ta, sai dai a haɗa ta da rana da lokaci. Idan ta zo ita kaɗai, manajoji da yawa, har da Musulmi, sun koyi jin ta a matsayin "wataƙila".

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman a Kumasi, inda sau da yawa manajan Batone ne, wato ɗan ƙabilar Asante, ko wani wanda ba Musulmi ba, kuma maganar da Turanci ko Tonanci za a yi ta. Na farko shi ne saurin jana'izarmu. A al'adar Asante ana iya ajiye gawa makonni, a yi zaman mako ɗaya, iyali su tsayar da rana, kuma galibi a yi babban taron ranar Asabar, don haka ma'aikaci yakan sanar da ofis tun da nisa. Mu kuwa a ranar ake binnewa ko washegari. Yawancin mazauna Kumasi sun san haka, amma kada ka ɗauka kowa ya sani, jimla ɗaya ta isa: a wurinmu ba a jinkirta binnewa, shi ya sa sanarwar ta zo a ƙure. Na biyu shi ne sunayen dangantaka. Mu muna kiran ƙanen uba "Baba", muna kiran 'yar'uwar uwa "Inna" ko "Mma", kuma ɗan baffa ɗan'uwa ne kawai. Idan ka fassara wannan kai tsaye ka ce mahaifinka ya rasu, za a rubuta haka a fayil ɗinka, kuma ranar da mahaifinka na gaskiya ya cika, wani zai buɗe fayil ɗin ya ga ka riga ka binne uba sau ɗaya. Ban da haka, kamfanonin da ke ba da hutun rasuwa sukan taƙaita shi ga iyaye da mata ko miji da 'ya'ya, don haka faɗin ainihin dangantakar yana kare ka daga zargin ka karɓi abin da ba naka ba. Ka ce ƙanen mahaifina, idan kuma shi ya rene ka, ka ƙara da cewa a hannunsa na tashi.

Bayan ya amince da baki, ka rubuta. Saƙo na layi uku ya wadatar: godiya, ranar da aka ba ka da kwanan wata, inda za a cire ta, da sunan wanda zai riƙe aiki. Idan kamfanin yana da fom na hutu, ka cika shi kafin ka fita, ko ka faɗa a saƙon cewa za ka cika ranar da ka dawo. Amfanin wannan yana bayyana ne a ƙarshen wata, lokacin da mai lissafin albashi ya ga babu sa hannunka a rajistar ranar Laraba, manajan kuma ya manta ko yana tafiya.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya shafi uzurin da ya faɗo ba shiri. Akwai kuma wanda kai ne ka makara, kuma a nan ne na taɓa cin tuntuɓe da kaina. Shekarun baya, ina aiki a wani ofis da ba sai na ambaci sunansa ba, aka yi wa yayana haihuwa ranar Alhamis. Kowa ya san suna ranar Alhamis mai zuwa ne, tunda kwana bakwai ba ya canzawa, amma na yi ta ɗaga maganar saboda nauyin baki, har sai yammacin Laraba na shiga wurin shugabata na ce wani abu ya taso. Tambaya ɗaya ta yi mini, wato yaushe aka haifi yaron, kuma da na amsa sai ta yi shiru tana kallona. Ta ba ni rabin rana, amma abin da ya fi damuna shi ne na gabatar da abin da na sani tun mako guda kamar na gaggawa, ta kuma gane. Suna, ɗaurin aure, ranar ganin likita da aka rubuta a kati, ranar ɗaukar hoton fasfo, taron iyaye a makaranta, duk waɗannan suna da ranar da aka sani. Idan ka makara a irinsu, ka amsa laifin a jimla ɗaya: "Hajiya, tun makon jiya na san ranar, ya kamata in faɗa tun lokacin, laifina ne." Kada ka maimaita ban haƙuri sau biyar, ka wuce kai tsaye zuwa shirin da ka yi wa aikin, kuma ka rage abin da kake nema. Raɗin suna da sassafe ake yi, ana iya halarta a iso ofis ƙarfe goma sha ɗaya, a bar shagalin yamma ga masu hali.

Rashin lafiya hukuncinta daban ne, kuma gajere ne. Ka sanar kafin lokacin fara aiki, ka je asibiti, ka karɓo takardar likita mai nuna kwanakin da aka ba ka. Kada ka ari ciwo don ka rufe wani uzuri, domin zango ƙarami ne, kuma hoton taron biki yana yawo a waya fiye da yadda kake zato.

Idan manaja ya ce a'a, ka fara tambayar abin da ya hana, cikin ladabi, domin sau da yawa ƙin yana rataye ne da awa biyu ko uku na ranar. Da Alhaji ya ce wa ƙanena ba zai yarda mataimaki ya karɓi siminti shi kaɗai ba, da akwai sauran hanyoyi: a kira masu motar a roƙi su kawo ranar Alhamis, ko a haɗa mataimakin da mai lissafi su ƙirga tare, ko kuma, idan jana'izar a cikin gari ce kamar maƙabartar Tafo, a nemi awa uku maimakon yini. Ka shiga da shawara ta biyu a aljihu. Idan duk da haka ya ƙi, kuma kai ka ga ba makawa sai ka tafi, to ka gaya masa a fili cewa za ka tafi, ka rubuta, ka kuma san cewa za a iya yanke albashin ranar ko a ba ka takardar tuhuma da za ka amsa a rubuce. Wannan ya fi ka ce "to" sa'an nan a wayi gari ba a gan ka ba. Idan kuwa ka kira bai ɗauka ba, ka aika saƙo bai amsa ba, kada ka ɗauki shirun a matsayin izini, ko da alamar nan shuɗiya ta nuna ya karanta. Ka sake kira bayan rabin awa, sa'an nan ka nemi mataimakinsa ko ofishin kula da ma'aikata, ka kuma rubuta wa manajan cewa ka neme shi ƙarfe kaza da ƙarfe kaza, ga wanda ka sanar.

Ƙanena ya bi hanyar Mampong da motar farko bayan asuba, ya kira mataimakinsa sau ɗaya da azahar, aka gaya masa buhu huɗu sun zo a fashe kuma an rubuta a takardar direba. Ranar Alhamis ya iso kafin a buɗe ƙofa, ya ƙirga simintin da kansa, ya cika fom, sa'an nan ya shiga ya yi wa Alhaji godiya. A wannan zaman ne ya yi abin da nake ganin ya kamata duk wanda aka yi wa rasuwa ya yi, wato ya kawo maganar sauran ranakun tun kafin su iso. Ya ce addu'ar uku da ta bakwai ba zai je ba, yayyensa za su wakilce shi, ta arba'in kuma iyali sun tsayar da ita ranar Lahadi, amma za a zauna maganar gado washegari Litinin, kuma yana roƙon wannan ranar tun yanzu. Alhaji ya jawo kalandar da ke kan teburinsa, ya zagaye ranar da biro, ya ce masa ya tuna masa idan saura mako guda.